Giram 22 da Suka Ɓace a Kan Takardar Jarrabawa

Duk malamin kemistiri a makarantar sakandare ya san wannan ƙorafi. Ranar da aka raba takardun jarrabawa, ɗalibi yakan zo da tasa a hannu, ya nuna layin da aka ja wa jan biro, ya ce, "Malam, ai sinadaran duk na rubuta su daidai, lambar 2 kawai na manta." Layin da ake jayayya a kansa sau da yawa irin wannan ne:

Na₂CO₃ + HCl → NaCl + H₂O + CO₂

A wani ɓangaren yaron yana da gaskiya. Ya san cewa idan sodiyam kabonet ya haɗu da asid ɗin haidirokulorik za a samu gishiri da ruwa da iskar kabon dayokzayid, kuma ya rubuta alamar kowanne ba kuskure. Wannan sani ne na gaske, kuma uwayenmu mata sun san aikinsa tun kafin a buɗe ɗakin gwaje-gwaje na farko a ƙasar Hausa. Kanwar da ake haƙowa a ƙasar Manga da kewayen Tafkin Chadi tana ɗauke da sodiyam kabonet da ɗan'uwansa sodiyam bayikabonet. Shi ya sa idan aka zuba ruwan kanwa a miyar yakuwa sai ta yi kumfa, tsamin ya karye. Tsamin yakuwa asid ne, kumfar kuma iskar kabon dayokzayid ce take fita.

Amma duk da haka jan biron malam yana kan daidai. Rahotannin da manyan masu duba jarrabawar WAEC suke fitarwa sun sha ambaton kasa daidaita ikweshan a cikin raunin da suke gani wajen ɗaliban kemistiri, kuma a NECO ma ba a ɗaga ƙafa a kansa. Mai son ya gane dalilin wannan tsanani sai ya ɗauki layin nan ya ƙirga abin da ke cikinsa.

Kibiyar da ke tsakiya ta raba layin gida biyu. A hagu akwai abin da aka zuba, a dama akwai abin da ya fito. Ƙananan lambobin da ke maƙale a ƙasan haruffa suna faɗin yawan ƙwayoyin zarra. A hagu, Na₂ na nufin ƙwayar sodiyam biyu. A dama, cikin NaCl, sodiyam ɗaya ce tak. Ke nan ƙwaya ɗaya ta shiga ba ta fito ba. Haidirojin kuma akasin haka ya yi: ɗaya ce a hagu cikin HCl, amma a dama cikin H₂O sun zama biyu. Ƙwaya ɗaya ta fito alhali ba a zuba ta ba. Kabon da oksijin da kulorin sun yi daidai, amma waɗancan biyun sun isa su rushe maganar.

Idan aka mayar da ƙirgar zuwa nauyi abin ya fi fitowa fili. Kowace irin ƙwayar zarra tana da nauyinta: sodiyam 23, kabon 12, oksijin 16, haidirojin 1, kulorin 35.5. Da wannan ma'auni, Na₂CO₃ ya kama 106, HCl kuma 36.5, jimlar hagu 142.5. A dama, NaCl 58.5 ne, ruwa 18, kabon dayokzayid 44, jimla 120.5. Wato abin da ɗalibin ya rubuta yana cewa an zuba giram 142.5 a kwalba, an samu giram 120.5, sauran giram 22 sun bi iska ba tare da sun zama komai ba. Ba a taɓa ganin haka a kowane ɗakin gwaje-gwaje na duniya ba.

Gyaran ba shi da tsawo:

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

Yanzu sodiyam biyu ne a kowane gefe, haidirojin biyu, kulorin biyu. Nauyin hagu 106 da 73, wato 179. Nauyin dama 117 da 18 da 44, shi ma 179.

Wannan doka, cewa nauyi ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa idan sinadarai suka haɗu, ba daga teburin masu shirya jarrabawa ta fito ba. Da sikeli aka gano ta, kuma an daɗe ana lalube kafin a kai gare ta, domin ido yana ruɗar mutum a nan. Itace ya ci wuta ya koma toka 'yar kaɗan, sai a ce nauyi ya ɓace. Ƙarfe ya yi tsatsa ya ƙara nauyi, sai a ce nauyi ya samu daga babu. A shekarar 1774 Bafaranshe Antoine Lavoisier ya saka kuza a cikin kwalbar gilashi, ya liƙe bakinta sarai, ya auna, sannan ya gasa ta har kuzar ta rikiɗe ta koma gari. Da ya sake aunawa, nauyin kwalbar da abin cikinta bai motsa ba. Sai da ya buɗe bakin, iska ta kutsa ciki, sannan nauyin ya ɗaga. Ashe kuzar ta haɗiye wani sashe na iskar da ke cikin kwalbar ne, kuma ƙarin nauyin da ake gani a tsatsa nauyin iska ne. Mikhail Lomonosov ya yi irin wannan gwaji a Rasha tun 1756, amma Lavoisier ne ya kafa dokar a littafinsa na 1789, daga nan ta zama ginshiƙin fannin. Fiye da shekara ɗari bayan haka Hans Landolt ya shafe shekaru a Balin yana haɗa sinadarai cikin liƙaƙƙun kwalabe yana aunawa da sikeli mafi kaifi na zamaninsa, ko zai kama wani ɗan bambanci. Zuwa 1908 ya tabbatar cewa bai samu bambancin da ya wuce kuskuren sikelin kansa ba.

Dalilin da ya sa dokar take tsayawa John Dalton ne ya bayyana shi a 1808. Haɗuwar sinadarai sauya zama ne kawai da ƙwayoyin zarra suke yi, kamar a rushe ɗaki a sake gina wani da tubalan nan dai: siffa ta canja, amma yawan tubali da irinsu suna nan. Sodiyam ɗin da ya shiga kwalba zai fito a matsayin sodiyam, sai dai ya canja abokin zama. Wanda ya auna kofin kanwa da asid a buɗe zai ga nauyi ya ragu bayan kumfa ta lafa, amma wannan ragin shi ne giram 44 na CO₂ da ke cikin lissafi, iska ce ta fice ta shiga ɗaki. Ikweshan mai kyau ya riga ya rubuta ta a dama.

To, me mantuwar lambar 2 take jawowa a aikace? Wurin da ɗalibi yake fara jin zafinta shi ne jarrabawar gwaji, inda ake ba shi asid a dogon bututun biyuret da ruwan sodiyam kabonet a kwalba, a ce ya gano ƙarfin asid ɗin. Wannan aikin shi ake kira taitireshan. A ce an narkar da giram 5.3 na Na₂CO₃ a lita ɗaya ta ruwa. Masana sinadarai suna ƙirga ƙwayoyi da ma'aunin da ake kira mol, wanda adadi ne tsayayye, kuma mol ɗaya na Na₂CO₃ giram 106 ne. Saboda haka giram 5.3 ya zama mol 0.050 a lita. Ɗalibi ya ɗebi 25.0 cm³ na wannan ruwa, ya ɗiga masa metil oranj ya koma rawaya, ya riƙa sakin asid a hankali yana kaɗa kwalbar har launin ya juya zuwa ruwan lemo. Ya duba bututu, ya ga 20.0 cm³ na asid ne ya tafi.

Zuwa nan hannunsa da idonsa sun yi aikinsu. Saura lissafi. A cikin 25.0 cm³ da ya ɗiba akwai mol 0.00125 na kabonet. Ikweshan ɗin da aka daidaita ya ce kowane kabonet ɗaya yana cin asid biyu, don haka asid ɗin da ya tafi mol 0.0025 ne. Mol 0.0025 a cikin 20.0 cm³ na nufin mol 0.125 a lita. Wanda ya yi aiki da layin da ba a daidaita ba zai ɗauka ɗaya yana cin ɗaya, amsarsa ta fito 0.0625, rabin gaskiya cif. Daga nan duk tambayar da ta biyo baya, ko giram nawa ne a lita, ko iska nawa za ta fita, za ta gaji wannan rabin. Ma'aikacin da yake auna ƙarfin asid a masana'antar sabulu ko ta magani da wannan lissafin yake aiki, kuma wanda ya ɗauki asid a kan rabin ƙarfinsa zai zuba ninki biyu na abin da ake bukata.

Akwai wani abu a nan da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi nuna cewa lambar ba ado ba ce. Sodiyam kabonet yana iya cin asid ɗaya kacal, haka ne. Amma idan ya yi hakan, abin da yake fitowa daban ne:

Na₂CO₃ + HCl → NaHCO₃ + NaCl

Wannan layin daidaitacce ne, kowa ya ƙirga zai gani, kuma gaskiya yake faɗa. A nan babu kumfa, babu iska, kabonet ya tsaya a rabin hanya ya zama bayikabonet, irin bakar hodar da ake sa wa fulawa. Idan ɗalibin nan ya yi amfani da fenolftalin maimakon metil oranj, launin hoda zai ɓace tun asid yana 10.0 cm³, domin fenolftalin a ƙarshen wannan zangon farko yake canja launi. Ke nan wanda ya rubuta asid ɗaya a hagu sannan ya rubuta ruwa da iska a dama ya haɗa kan wani aiki da ƙafar wani. Mai duba takarda ba shi da hanyar sanin wanne yake nufi, kuma ba a ba shi izinin yi masa zato ba.

Wasu ɗaliban sun san dole a daidaita, amma sai su bi ta ɓarauniyar hanya. Sun ga sodiyam biyu a hagu, sai su mayar da NaCl ya zama Na₂Cl don ƙirga ta cika. Ƙirga ta cika, amma an ƙirƙiro sinadarin da ba ya fitowa daga wannan kwalba. Ƙaramar lambar ƙasa tana cikin sunan sinadarin, taɓa ta canja sinadarin ne gaba ɗaya. Babbar lambar da ake sawa a gaba ita ce ke faɗin guda nawa aka ɗauka, kuma ita kaɗai aka yarda a taɓa. Misalin da ya fi yawo shi ne na ruwa. An ba da H₂ + O₂ → H₂O, oksijin biyu a hagu, ɗaya a dama, sai yaro ya ƙara ƙaramar 2 ya rubuta H₂O₂. Abin da ya rubuta haidirojin farokzayid ne, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis, wanda ba a sha. Amsar ita ce 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Haka tazarar take tsakanin CO₂ da CO. Na farkon shi muke fitarwa a numfashi. Na biyun shi ne gubar da ke cikin hayaƙin janareta da gawayin da aka kunna a rufaffen ɗaki, wadda take kama jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau sama da 200, ta kashe mutane suna barci.

Duk wannan ƙirgar ƙwayoyi ce, kuma yawancin ɗalibai suna kama ta da ɗan horo. Inda hankali yake tashi shi ne ranar da ƙwayoyi suka cika a kowane gefe, amma jan biro bai fasa zuwa ba. Ga irin layin:

Cu + Ag⁺ → Cu²⁺ + Ag

Jan ƙarfe ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Azurfa ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Ina laifin?

Laifin yana cikin ƙananan alamomin da ke sama. Kowace ƙwayar zarra tana da wasu 'yan ƙananan abubuwa da ke kewaye da ita, ilektiron, waɗanda J. J. Thomson ya gano a 1897, kuma su ne ke gudana a wayar lantarki. Kowane ilektiron yana ɗauke da caji ɗaya mai alamar ɗebewa. Ƙwayar da ta rasa ilektiron ɗaya takan koma mai caji +1, wadda ta rasa biyu +2, kuma irin wannan ƙwaya mai caji ita ake kira ayon. Ag⁺ azurfa ce da ta rasa ilektiron ɗaya. Cu²⁺ jan ƙarfe ne da ya rasa biyu. A layin da ke sama jimlar caji a hagu +1 ce, a dama kuma +2. Jan ƙarfe ya saki ilektiron biyu, azurfa ta karɓi ɗaya, ɗayan kuma babu wanda ya faɗi inda ya shiga. Ilektiron ba ya narkewa, kuma ba ya zama shi kaɗai yana yawo a ruwan kwalba. Dole wani ya karɓe shi, kuma mai karɓar ita ce azurfa ta biyu da aka manta.

Gwajin kansa yana da kyaun gani. A tsoma tsaftatacciyar wayar jan ƙarfe cikin ruwan silba naitiret, wanda fari ne garau. Cikin 'yan mintoci wasu siraran allurai masu ƙyalli za su fara tsirowa a jikin wayar, azurfa ce tsantsa, ruwan kuma ya soma komawa shuɗi saboda Cu²⁺ da ke shiga cikinsa. Hanyar da ta fi sauƙin rubuta abin da ya faru ita ce a raba shi gida biyu, mai bayarwa da mai karɓa. Mai bayarwa: Cu → Cu²⁺ + 2e⁻. Mai karɓa: Ag⁺ + e⁻ → Ag. Tunda an ba da biyu, sai a ninka na mai karɓa sau biyu, a haɗa su, ilektiron ɗin su kashe juna:

Cu + 2Ag⁺ → Cu²⁺ + 2Ag

Caji +2 a hagu, +2 a dama. Sikeli ma yana bayan wannan layin. Giram 63.5 na jan ƙarfe idan ya narke yana fitar da giram 216 na azurfa, alhali layin farko 108 ya yi alkawari.

Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, rashin daidaiton caji a irin wannan layi rashin daidaiton ƙwayoyi ne da ya ɓuya. A cikin kwalbar akwai ayon ɗin naitiret, NO₃⁻, wanda ba ya shiga rigimar, shi ya sa ake cire shi daga gajeren rubutu. Idan aka dawo da shi aka rubuta Cu + AgNO₃ → Cu(NO₃)₂ + Ag, nan take za a ga naitiret ɗaya a hagu, biyu a dama. Cajin da ke sama shi ne yake riƙe da lissafin waɗanda aka cire. Akwai kuma ruɗanin da ake yawan yi, na zaton sai caji ya zama sifiri a kowane gefe. Ba a bukatar haka. Abin da ake nema shi ne jimlar hagu ta yi daidai da jimlar dama, ko +2 ne, ko −1, ko +17.

Wannan +17 ɗin daga wata tambaya ya fito wadda ɗaliban aji uku na babbar sakandare da na shekarar farko a jami'a suka san ta sarai: haɗuwar fotashiyam famanganet da baƙin ƙarfe a cikin asid. Da wannan haɗin ake auna yawan sinadarin ƙarfe, har da wanda ke cikin ƙwayoyin ƙarin jini irin na feros salfet da ake ba mata masu juna biyu. Famanganet shunayya ne mai duhu. Idan ya ɗiga cikin ruwan Fe²⁺ da aka sa wa asid ɗin salfiyurik, launin yana ɓacewa nan take, har zuwa lokacin da ƙarfen ya ƙare, sai ɗigo ɗaya ya bar ruwan da launin hoda mai haske wanda ba ya gushewa. A nan ake tsayawa a karanta bututu.

Ɗalibin da ya ƙware a ƙirgar ƙwayoyi kaɗai yakan kawo wannan:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + Fe²⁺ → Mn²⁺ + Fe³⁺ + 4H₂O

Aikin yana da tsafta. Manganis ɗaya da ɗaya, ƙarfe ɗaya da ɗaya, oksijin huɗu da huɗu, haidirojin takwas da takwas. Sai a juya ga caji. A hagu akwai −1 da +8 da +2, jimla +9. A dama akwai +2 da +3, jimla +5. Tazarar 4 ce, kuma tana nufin ilektiron huɗu da famanganet ya karɓa ba tare da an nuna wanda ya ba shi ba.

A nan ma rabawa gida biyu ce take warware matsalar, kuma jerin matakan yana da muhimmanci. Ana fara da MnO₄⁻ → Mn²⁺. Oksijin huɗu na hagu suna bukatar wurin zuwa, sai a sa 4H₂O a dama. Wannan ya kawo haidirojin takwas, sai a sa 8H⁺ a hagu, tunda a cikin asid ake aikin. Sai a ƙarshe a duba caji: hagu +7, dama +2, don haka ana ƙara ilektiron biyar a hagu. Ɓangaren ƙarfe gajere ne, Fe²⁺ → Fe³⁺ + e⁻, kowace ƙwaya ilektiron ɗaya take bayarwa. Mai karɓar biyar yana bukatar masu bayarwa biyar:

MnO₄⁻ + 8H⁺ + 5Fe²⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Hagu: −1 da +8 da +10, wato +17. Dama: +2 da +15, ita ma +17. A ce an niƙa ƙwayoyin magani an narkar, aka ga sun cinye 20.0 cm³ na famanganet mai ƙarfin mol 0.020 a lita. Wannan mol 0.0004 ne na famanganet. A ninka sau biyar, ƙarfen ya zama mol 0.002, kuma tunda mol ɗaya na ƙarfe giram 56 ne, an samu miligiram 112. Wanda ya yi aiki da layin farko zai ce miligiram 22.4 ne kawai a ciki, kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake nan. Da rahoto irin wannan za a iya yanke wa magani mai kyau hukuncin jabu.

Da wannan, yana da wuya a zargi mai duba takarda da mugunta. Idan tambaya ta ce a rubuta daidaitaccen ikweshan, daidaitawar ita ce abin da ake gwadawa, kuma layin da bai daidaita ba ya faɗi abin da ba ya faruwa. Inda ɗalibi yake da hakkin ya yi magana shi ne idan an soke masa amsa don kawai siffarta ta bambanta da ta littafin malam. Wanda ya rubuta H₂ + ½O₂ → H₂O bai yi ƙarya ba, kuma a darasin zafin da haɗuwar sinadarai ke fitarwa haka ma ake rubuta shi da gangan, don a samu mol ɗaya na ruwa. Wanda ya rubuta 4H₂ + 2O₂ → 4H₂O shi ma ƙirgarsa ta cika, sai dai al'adar fannin ita ce a rage lambobi zuwa mafi ƙanƙantar cikakkun lambobi, kuma ɗalibi mai wayo yakan bi al'adar don kada ya bar ƙofar gardama. Malamin kirki yana bambance waɗannan da kuskure na gaske, kuma ya fi amfani ga yaro a rubuta masa a gefen takarda cewa sodiyam ɗaya ya ɓace, ko caji +9 ne da +5, fiye da a ja layi a wuce. Jan layi kaɗai yana koya wa yaro cewa malam bai yarda ba, amma bai nuna masa inda zai duba ba.

Daidaitawa kuma tana da iyakarta, domin layi yana iya cika ƙirgar ƙwayoyi da ta caji amma ya kasance ƙarya. Cu + 2HCl → CuCl₂ + H₂ daidaitacce ne ta kowace fuska, sai dai wanda ya jefa jan ƙarfe cikin tsarmamammen asid ɗin haidirokulorik zai yi ta jira bai ga kumfa ko ɗaya ba, saboda jan ƙarfe yana ƙasa da haidirojin a jerin ƙarfin ƙarafa, ba ya iya ture shi daga asid. Idan aka sa tutiya a wurinsa, Zn + 2HCl → ZnCl₂ + H₂, nan take iskar haidirojin za ta fara tashi. Shi ya sa mai duba takarda yake bin layi hawa uku: ya fara ganin ko sinadaran da aka rubuta su ne suke fitowa da gaske kuma alamominsu daidai ne, sannan ya ƙirga kowace irin ƙwaya hagu da dama, sannan ya tara caji. Hawa biyun ƙarshe ba sa bukatar haddar komai, ɗalibi zai iya yin su da kansa a gefen takardar amsa kafin a ce a ajiye biro, kuma a layi irin na famanganet ƙirgar caji ce take kama kuskuren da ƙirgar ƙwayoyi ta bari ya wuce.